Wane ma'auni za ka ɗauka don sashen tasiri a tsarin kasuwancinka?

Masu zuba jarin da ke neman riba tare da amfanar al'umma suna duba abu ɗaya a wannan sashe: adadin da za su iya binciken gaskiyarsa. Da wannan ya kamata ka auna duk ma'aunin da aka tallata maka.

Muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato SDG, suna nuna fannin da kake aiki, amma jera tambarinsu a shafi ba ya auna komai. GRI, wato ƙa'idojin rubuta rahoton tasirin kamfani ga muhalli da al'umma, manyan kamfanoni ne suka fi amfani da shi. Takardar B Corp kuwa, wadda ke shaida cewa kamfani yana kula da al'umma da muhalli, sai an biya kuɗi, kuma ba ta dace da mai neman jarin farko ba.

Ni IRIS+, wato kundin ma'aunan tasiri, nake ba da shawara a ɗauka. GIIN, ƙungiyar irin waɗannan masu zuba jari, ita ce ta fito da shi a 2019, kyauta ne, kuma kowane ma'auni yana da lamba da fassara tsayayya. Misali, PI4060 shi ne jimillar kwastomominka, PI8330 kuma mata daga cikinsu. Uku ko huɗu sun ishe ka, muddin ka faɗi inda kowane adadi ya fito.

A ce kamfaninka yana sayar wa manoman rani na Kadawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. An sayar da 200, amma da aka zagaya gonaki 170 ne ke aiki. To 170 za ka rubuta. Idan a da kowane manomi yana ƙona litar fetur 3 a rana har kwana 90, lita 270 ke nan. Litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wato kilo 621 ga inji ɗaya, sama da tan 105 ga injuna 170 ɗin gaba ɗaya. Wannan lita 3 dole ka tambayi manomi ranar da ya saya, ka rubuta tare da lambar wayarsa, domin bayan shekara kintace kawai zai yi maka. Ka kuma ambaci haɗarin: tunda rana ba ta kuɗi ba ce, wasu za su riƙa jan ruwa fiye da kima har rijiyoyin maƙwabta su ja baya.

A yi hattara da masu rubuta wa mutane wannan sashe don kuɗi. Dabararsu ita ce su ninka 200 sau 8, a kan cewa kowane manomi yana da mutum 8 a gida, su ce an canza rayuwar mutum 1,600, ba tare da sun taka gona ko ɗaya ba. Wasu har suna sayar da "takardar shaidar IRIS+", alhali ba a bayar da irin wannan takarda ko kaɗan. Akwai kuma masu cusa kuɗin sayar da kabon, wato kuɗin da ake biya don rage fitar iskar kabon, cikin lissafin riba tun ba a yi wa aikin rajista ba. Masu jari sukan nemi jerin sunayen kwastomomi su buga wa wasu waya, kuma idan uku suka ce injinsu ya lalace tun bara, sauran alƙalumanka ma sun shiga zargi. Kafin ka biya kowa, ka ce ya nuna maka takardar tambayoyin da zai kai wa manoma.