Na yi hayar ordinater a kan intanet wata ɗaya, ga abin da na gani

Ordinater tawa RAM ɗinta giga 4 ne kawai, in na buɗe hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-2 a QGIS, lojisiyel ɗin da nake yin taswira da shi, sai ta ɗau zafi tana huci kamar tsohuwar kabu-kabu, ƙarshe ta daskare. Ga shi an ba ni aikin taswirar gonakin shinkafa na bakin kogi nan Yamai. Wani abokina ya ce in bar wahala in yi hayar mashin a wajen wani kamfani. Na zaɓi wadda ke Faransa, mai vCPU 8, wato ƙwaƙwalwar lissafi takwas, RAM giga 32, da Windows, wajen sefa 450 a awa, na biya da kart Visa irin wadda ake zuba ma kuɗi.

Shiga ba wuya. Ka buga `mstsc` a Windows ɗin ordinater taka, ka sa adireshin IP da suka ba ka da suna da lambar sirri, sai ga fuskar wata ordinater cikin taka. Ranar farko na yi wauta, na kwana ina tura hotuna daga wajena da rezon waya, forfe ɗina ya ƙare ko rabi ban kai ba. Sai daga baya hankali ya zo, ashe can cikin mashin ɗin zan buɗe shafin Copernicus, inda ake samun hotunan Sentinel-2, in sauke su, hoto na kusan giga ɗaya cikin ƴan mintoci, kuma bai taɓa megana ba tunda abin da ke iso ni hoton allo ne kawai. Kuma in kuran ya ɗauke ko rezo ya tsinke aikin na ci gaba can, ka dawo ka tarar ya gama, wallahi wannan kaɗai ya biya ni.

Amma akwai jinkiri, in ka ja taswira sai ta ɗan tsaya kafin ta bi hannunka, musamman da dare. Na rage launi zuwa 16 bits na cire hoton bango, ya yi dama-dama. Lissafi lafiya lau, zanen iyakar gona da hannu kam sai haƙuri.

Inda na sha kashi, ran Juma'a da yamma na kashe Windows daga ciki kamar yadda na saba na tafi abina. Litinin da safe na tarar wajen jikka 27 sun tafi. Ashe a wurinsu mashin ɗin na nan a ajiye da sunana, sai ka shiga shafinsu ka tsayar da ita har ka ga an rubuta `Stopped (deallocated)` sannan kuɗin awa ke tsayawa, na disk kuma ko a haka yana tafiya kaɗan-kaɗan. Yanzu daga shafinsu na sa mata ta kashe kanta ƙarfe 11 na dare, ina gama taswirar nan kuma zan kwashe kayana in goge ta har da disk ɗin.