Wace Na'urar Auna Danshi Ta Dace da Mai Injin Shinkafa?

Tirela ta tsaya a bakin ƙofa da buhu 300 na shanshera, direba yana sauri, dillali yana rantsuwa cewa ta sha rana kwana uku. Kai kuma abin da ke hannunka haƙori ne kawai. Haƙori yana gane shinkafar da ta jiƙe sharkaf, amma ba ya bambance danshi kashi 14 cikin ɗari da kashi 17, alhali a tsakanin nan kuɗinka yake.

Mu ce kowane buhu kilo 100 ne, wato tan 30. Idan danshinta kashi 18 ne, ka busar da ita zuwa kashi 14, wanda shi ne ma'aunin ajiya da casa, abin da zai rage bai wuce tan 28.6 ba. Kusan buhu 14 ke nan ka biya kuɗinsu a matsayin shinkafa, ashe ruwa ne.

Na'urorin hannu da za ka tarar a kasuwa kusan iri uku ne. Akwai mai dogayen tsinkaye biyu da ake cusawa cikin buhu. Tana da araha da sauri, sai dai lambarta tana sauyawa gwargwadon yadda buhun ya matse. Ni dai ina ɗaukarta abar tantance buhun da ake zargi, ba abar yanke farashi ba.

Ta biyu ita ce mai murƙushe ƙwaya: ka zuba ɗan abin da bai cika cokali ba, ka murɗa hannun har ƙarshe, ta ba ka lamba. Tun da tana fasa ƙwayar, tana taɓa danshin da ke ciki, wannan ne ya sa na fi son ta a wajen aiki, musamman bayan an turara an shanya. Shinkafar da ta fito daga busarwa da zafinta bayanta ya bushe amma cikinta da saura, don haka a bar ta ta huce kafin a auna. In aka yi sakaci ta bushe fiye da kima, ƙasa da kashi 12, za ka ga karaya ta yi yawa a bakin inji. Raunin wannan na'urar shi ne ƙanƙantar abin da take aunawa. Awo ɗaya ba ya wakiltar komai, sai an maimaita sau uku zuwa biyar an ɗauki matsakaici.

Ta uku mai kofi ce, ana cika ta da ƙwaya ba tare da fasawa ba. Ta fi tsada, amma da yake tana ɗaukar hatsi da yawa a lokaci guda, ta fi dacewa da bakin ƙofa inda ake ciniki. Kafin ka biya, ka tabbatar tana da saitin shanshera daban da na gyararriyar shinkafa, kuma tana gyara lissafinta idan hatsin ya ɗau zafi a bayan mota. Ka tambayi mai sayarwa inda ake kai ta a daidaita awonta. Idan ya rasa amsa, ka nemi wani.

Kowacce ka saya, ɗibar samfuri ce ke tsayar da gaskiya. A buhu 300, ƙa'idar da aka saba ita ce a soki akalla 18, daga gaba, tsakiya, baya da ƙasan lodi, domin jiƙaƙƙen kaya ba a saman mota ake ɗora shi ba. A haɗa, a gauraya, a auna, sannan a tankaɗe a ga yawan tsakuwa da ƙaiƙayi.

Saura wurin killace kayan da aka ƙi ko ake jiran hukuncinsa. Wasu suna ja layin fenti a ƙasan sito su ce ya isa. Ba ya isa ranar da inji ya tsaya babu kaya, domin lebura zai ɗauki buhun da ya fi kusa da shi. Gara keɓaɓɓen lungu mai waya da kwaɗo, buhuna a kan katako, kowane lodi da takardarsa: lambar mota, kwanan wata, danshin da aka samu. Jan kati ga abin da aka ƙi, ruwan ɗorawa ga wanda ake jiran hukunci, kuma mutum ɗaya tak ke da ikon sakinsa.

Shanshera mai kashi 18 ba ta jure dogon jira. Tana iya fara ɗumi idan aka bar ta a jibge, daga nan ƙwaya ta koma rawaya. A ranar da ta iso za a yanke: ko a shanya a zabge farashi bisa lissafin sama, ko ta koma da motar da ta kawo ta. Wadda ta riga ta yi warin fumfuna kuwa, ko sauke ta kada a yi.