Batirin dalma da na litiyom: sharhina bayan na kashe ɗaya na rainon ɗaya

Wata goma sha huɗu batiraina na farko na sola suka yi suka mutu, kuma na daɗe ina zagin kamfanin da ya ƙera su kafin in gane cewa da hannuna na kashe su. Batiran ruwa ne na dalma guda biyu, kowanne an rubuta masa 12V 200Ah, an jera su suka ba da 24V. A takarda ƙarfinsu 4.8kWh ke nan. Yanzu shekarata biyu da wani abu a kan batirin litiyom, irin da ake rubuta wa LiFePO4, mai 25.6V 200Ah, wato 5.12kWh. Girman kusan ɗaya ne, kayan da nake kunnawa kusan su ne, amma rabon kowanne ya sha bamban. Dalilin yana cikin wasu haruffa uku da na sha gani a takardar batir ina wucewa: DoD. Ma'anarsu zurfin da ka zuƙi batir kafin ka mayar masa da caji. Idan ka sha rabi, zurfin 50% ne. Idan ka kwashe shi tas, 100% ne.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. Daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, firij da fankoki da fitilu da talabijin suna jan kusan 300W, na tsawon awa 12. Ya kama 3.6kWh. Infata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, sai abin ya tasam ma 4kWh. Raba 4 da 4.8, za ka ga kullum dare ina zuƙe sama da 80% na batiran. Ni kuwa a ganina tunda infata ba ta yi kuka ba, lafiya lau.

Kukan infatar nan shi ya yaudare ni. An saita ta daga kamfani ta yanke wuta a 21V, wato 10.5V ga kowane batir. Wannan lamba ba ta kare lafiyar batir, ita ce iyakar da ake cewa batir ya ƙare ƙurmus. Abin da ya fi muni, idan kayan da ke kunne ba su da nauyi, batirin dalma ba ya saurin faɗuwa, yana ta lallaɓawa yana bayarwa, don haka kafin ya kai 10.5V an tatse shi fiye da yadda za a tatse shi da kaya masu nauyi. Daren da na fi jin daɗi, wanda fanka ɗaya ta kwana tana juyawa har asuba bayan yinin hadari, shi ne daren da na fi cutar da su.

Mai gyaran da ya zo dubawa bai yi dogon bayani ba da farko. Ya cire wayoyi, ya bar batiran suka huta, ya ɗora mita. Ɗaya ya nuna 12.3V, ɗayan 10.6V. Ya buɗe murafan ramuka shida na mai 10.6V, ya zuƙo ruwan kowane rami da ma'aunin kaurin ruwa. Biyar ruwansu garau. Na shida ya fito ja-ja, gurɓatacce kamar ruwan kududdufi, ma'aunin ma ko motsi bai yi ba.

Ya miƙo mini ya ce, "Malam, ka ga wannan laka? Farantin batirinka ne ya zube."

Daga nan na zauna na fahimci abin. A kowane rami akwai farantai iri biyu a jiƙe cikin asid, ɗaya na dalma mai laushi kamar soso, ɗaya na dalma mai ruwan ƙasa-ƙasa, PbO2. Duk lokacin da ka ja wuta, asid ɗin yana shiga jikin farantan biyu ya mayar da su wani farin gishiri, PbSO4, ruwan kuma ya tsinke. Shi ya sa ake auna caji da kaurin ruwa: cikakken batir yana wajen 1.27, wanda ya ƙare yana wajen 1.12. Caji shi ke narkar da gishirin ya mayar da asid cikin ruwa. To gishirin nan ya fi abin da ya fito daga gare shi cin wuri, kusan ninki biyu a farantin mai ruwan ƙasa, fiye da haka a ɗayan. Ke nan kowace zuƙa faranti yana kumbura, kowane caji yana saɓewa. Idan kaɗan ka sha, fatar sama ce kawai ta motsa. Idan ka kai 80%, kumburin ya ratsa har ciki, kwaɓin da aka shafe ragar farantin da shi ya fara tsagewa yana marmashewa, yana sauka ƙasan ramin. Abin da ya zube ya zube ke nan, babu cajin da zai ɗauko shi. Ranar da lakar ta taru ta haɗa farantan biyu, ramin ya mutu, batir mai rami shida ya koma mai biyar. Kowane rami wajen 2.1V yake bayarwa, biyar sau 2.1 kuwa 10.5V ne, kusan 10.6V ɗin da mita ta nuna mana.

Ɗayan mai 12.3V wata cuta ce ta kama shi, ita ma daga zurfin zuƙa ta samo asali. Gishirin da ya taru da dare laushi gare shi, yana narkewa idan aka cika batir washegari. Amma batirin dalma yana da taurin kai a ƙarshen caji: kason farko yana shiga da sauri, ragowar 20% ɗin sai an riƙe shi wajen 14.4V na awanni yana sha a hankali. Batirin da aka zuƙe sosai, kafin ya iso wannan mataki rana ta yi sanyi. Sai ya shiga dare bai cika ba, gobe ma haka. Gishirin da ya kwana ya yini bai narke ba yana daskarewa ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri, ya toshe faranti. Alamar irin wannan batir ita ce saurin cika da saurin ƙarewa: kafin azahar infata ta ce ya cika, da magariba ka kunna firij ya durƙushe. Na yi ta murna da saurin cikar nan, ashe tulun ne ya koma kofi.

Don haka hukuncina a kan batiran farko ya canja. Ba jabu ba ne. Da na tsayar da su a rabi, wajen 12.2V bayan sun huta, na kuma tabbatar suna cika kullum, da sun ninka abin da suka yi har da ƙari. Sai dai gaskiyar da mai saye ya kamata ya sani ita ce 4.8kWh na dalma, 2.4kWh ne naka. Kayana suna buƙatar batir huɗu ne, na sayi biyu.

Na litiyom kuwa aikinsa na ciki daban ne, kuma nan ne ya burge ni. Babu farantin da ke rikiɗa ya zama gishiri. 'Ya'yan litiyom ne ke kai da kawowa tsakanin ɓangarori biyu, suna shiga tsakanin shimfiɗun baƙin abin nan na cikin fensir idan ana caji, su fice idan ana jan wuta. Baƙin abin shi ma yana kumbura, amma kusan kashi 10 cikin 100 ne daga wofi zuwa cika. A jikinsa akwai wata siririyar fata da ke kare shi. Duk kumburi da saɓewa mai yawa yana tsaga fatar, ta sake toho, kuma da litiyom ɗin batirin take yin tohon, wanda ba zai sake aiki ba. Tsufan batirin ke nan, a hankali, ba tare da laka ba. Idan kana yawo a tsakiya, tsagewar kaɗan ce. Can ƙarshen sama da can ƙarshen ƙasa ne batirin ya fi wahala, musamman idan ya daɗe a cike cikin zafi. Saboda haka zuƙa biyu na rabi-rabi sun fi masa sauƙi a kan zuƙa ɗaya ta gaba ɗaya, ko da yake wutar da ka sha ɗaya ce.

Bambancin da ya fi yi mini amfani shi ne bai damu da zama rabi ba. Kwana uku na hadari yana tsakanin 40% da 70%, babu abin da ke daskarewa a cikinsa. Kuma zai iya kai 80% kullum ya rayu shekaru, wurin da na dalma ya zube. Duk da haka na rage masa kaya, na daina barin talabijin da fitilun waje su kwana, dare ya koma kusan 3kWh, wato wajen 60%. Na saita infata ta tsaya idan ya rage 20%. Da na gwada shi kwanan baya, daga cika har ƙasa, abin da ya bayar bai yi nisa da 200Ah ɗin da aka rubuta ba.

Yana da nasa aibin, kuma sai da ya ba ni haushi. Ba ya gargaɗi. Na dalma kana ganin mita tana sauka kamar matakala, ka san inda kake. Wannan daga 80% zuwa 30% bambancin bai kai 1V ba a duk jerin ƙwayoyi takwas da aka haɗa batirin da su, sai can ƙarshe ya rufta lokaci ɗaya. Ke nan lambar kason da allo ke nunawa lissafi ce, allon kulawa na ciki, BMS, yana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ni kuma da na ji cewa tsakiya ta fi, sai na wuce gona da iri, na hana shi cika kusan wata biyu. Ƙirgar ta riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan. Wani dare allo yana cewa 34%, gida ya yi ɗif. Ƙwaya ɗaya ce ta riga sauran faɗuwa zuwa 2.5V, BMS ya yanke don ya cece ta, kuma daidai ya yi, domin ƙwayar litiyom da aka ja ƙasa da iyakarta sosai jan ƙarfen cikinta ne ke fara narkewa, irin wannan ba a sake amincewa da ita.

Maganin bai yi wuya ba. Ƙwayoyin suna daidaita kansu ne a saman caji, nan ne kuma ƙirgar ke komawa daidai. Yanzu sau ɗaya a mako nake barin shi ya kai 28.4V ya zauna awa ɗaya ko biyu, ina kallon lambobin ƙwayoyin takwas a waya har su matso kusa da juna. Sauran kwanakin yana kai da kawowa tsakanin 95% da 35%, kuma tun daga lokacin allon bai sake yi mini ƙarya ba.