Misalai a cikin umarnin mai tantancewa: na ƙirƙira ko na gaske?

"Jama'a, ina rubuta wa na'urar AI umarnin da za ta riƙa duba amsoshin tambayoyin tarihi tana yanke daidai ko kuskure. In ƙirƙiro misalai masu tsabta da kaina, ko in tsamo daga ainihin amsoshin da muka tara?"

Malam, tsamo daga na gasken, musamman waɗanda mutum biyu suka duba suka saɓa a kansu. Misalin ƙirƙira amfaninsa ɗaya ne, yana nuna fasalin fitar da hukunci, kuma guda ɗaya ya isa. Abin da yake koyarwa na'urar ta riga ta sani: ba sai an nuna mata cewa 1960 ta yi daidai da 1960 ba.

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta. "A wace shekara Najeriya ta samu 'yancin kai?" Amsar da ka ajiye ita ce 1960. In ka buɗe amsoshin da suka shigo, za ka ga wata ta ce "1 ga Oktoba, 1960". Wannan daidai ce, ƙarin bayanin gaskiya ne. Wata ta ce "1960 ko 1963". Lambar da ake nema tana ciki, amma mai amsar ya raba ƙafa, kuma na'urar da ba a nuna wa irin wannan ba tana iya wuce da ita don kawai ta ga 1960. Ta uku ita ce mai wuyar sha'ani: "1960, shekarar da ta zama jamhuriya." Shekarar daidai, amma jamhuriya sai 1963. A nan dole kai ka fara yanke shawara, ko ƙarin bayani na ƙarya yana kayar da amsa ko ba ya kayarwa, ka rubuta ƙa'idar a jimla ɗaya, sannan ka sa misalin a ƙarƙashinta. Irin waɗannan ba sa zuwa wa mutum a zaune yana ƙirƙira, sai ya gan su da idonsa.

Kowane misali ka rubuta shi cikakke, kamar yadda kake son hukuncin ya fito:

```
<misali>
Tambaya: A wace shekara Najeriya ta samu 'yancin kai?
Amsar da ake nema: 1960
Amsar da aka bayar: 1960 ko 1963
{"dalili": "An kawo shekara biyu ba a zaɓi ɗaya ba.", "hukunci": "kuskure"}
</misali>
```

Lura dalili ya riga hukunci. Na'urar tana rubutu ne kalma bayan kalma, in ta fara furta hukunci, dalilin da zai biyo baya kare shi kawai zai yi. Kuma fasalin nan kada ya motsa daga misali zuwa misali. In ka rubuta "kuskure" a ɗaya, "ba daidai ba" a wani, haka za ta riƙa gauraya su, manhajarka ta kasa ƙirga sakamako. In ka sa gaisuwa ko sharhi kafin layin hukuncin, wanda ke cikin fasalin JSON, ita ma haka za ta yi, sai `json.loads` da ke karanta shi a manhajarka ya tsaya. Alamun `<misali>` kuwa su ke hana ta ɗaukar misalin a matsayin amsar da za ta duba yanzu.

Huɗu zuwa shida sun wadatar a fara, a raba su kusan daidai tsakanin hukunci biyun. In biyar cikin shida "kuskure" ne, za ta tsananta fiye da kima. Haka kuma kada duk masu daidai su zama dogaye, masu kuskure gajeru, sai ta koyi auna tsawo. Ka bar gurbi ɗaya ga amsar da ba komai a cikinta ko ta ce "ban sani ba", don a san inda za ta faɗa.

Yadda za ka gane ya yi: ware amsoshi kamar hamsin da ka yanke musu hukunci da hannunka, waɗanda ko ɗaya ba ya cikin misalan, ka gwada da `temperature` a kan 0, wato saitin da ke rage canjawar hukuncinta daga gwaji zuwa gwaji. Karanta duk inda kuka saɓa. Sannan juya jerin misalan ka sake gwadawa. In hukunce-hukunce da yawa suka canza, ƙa'idarka ce ba ta fito fili ba, gyara ta kafin ka ƙara misali.

Sai kuma masu tallan shiryayyen umarni suna cewa yana dacewa kashi casa'in da wani abu cikin ɗari. Tambaye su a kan waɗanne amsoshi suka auna. Wasu da misalan da ke cikin umarnin suke gwajin, abin da ba shi da maraba da ba ɗalibi amsa kafin jarrabawa. Kada ka biya sai ka gwada a kan hamsin ɗinka.