WebP, AVIF ko JPEG: wanne zai rage wa mai ziyartar shafinka kuɗin data?

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, mai saye ya ƙara sa ido kan abin da kowane shafi ke cinye masa. A shafin kasuwanci kuwa hotuna ne suka fi komai nauyi. Ɗauki shagon atamfa da shadda mai hotuna 30 a shafi guda, kowanne an ɗora shi yadda ya fito daga waya, faɗinsa fiksel 4000, nauyinsa kamar 3MB. Wato 90MB ke nan kafin mutum ya tambayi farashi. Wanda ya sayi 1GB, leƙawa goma sha ɗaya ta gama da shi.

A cikin waɗannan nau'o'in fayil ɗin hoto, ni dai WebP nake zaɓa, ba na ɓoyewa. Google ne ya fito da shi a 2010, Safari, burauzar iPhone, ya karɓe shi a 2020, WordPress kuma tun 5.8 yake barin a ɗora shi kai tsaye. Saboda haka wayoyin da ke hannun jama'a yau kusan duk suna buɗe shi. A gwajin Google, ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari ba tare da kyan hoton ya canza ba. Amma babbar ribar tana wajen rage faɗin hoton, domin fiksel 800 ya ishi fuskar waya. Umarni ɗaya yana yin duka biyun:

```
cwebp -q 75 -resize 800 0 atamfa.jpg -o atamfa.webp
```

Wanda bai saba da umarni ba, Squoosh yana yin wannan aikin a cikin burauza kyauta. Atamfa tana da yawan zane, ba ta matsuwa kamar hoton farin bango, don haka a ƙaddara kowane hoto zai tsaya wajen 120KB. Hotuna 30 sun koma 3.6MB.

AVIF yakan fi WebP ƙanƙanta, sai dai iPhone bai san shi ba sai a iOS 16, kuma idan aka matse shi da yawa yana goge ƙananan saƙa. Mai sayen shadda kuwa saƙar da sheƙin yake son gani. PNG na tambari ne da zane, ba na hoton kaya ba. JPEG a ajiye shi don tsofaffin wayoyi kawai.

Sai jinkirta lodin hotuna, wato kada hoto ya sauko sai mai kallo ya kusa isa wurinsa. Wannan ba ya buƙatar sayen komai:

```
<img src="atamfa.webp" width="800" height="1000" loading="lazy" alt="Atamfa">
```

Wanda ya duba layin farko ya fita, kuɗin hotunan sama kaɗai ya biya. A kula da abu biyu. Kada a sa `loading="lazy"` a babban hoton da ke saman shafi, don zai makara wajen bayyana. Kuma kada a bar `width` da `height`, in ba haka ba shafin zai riƙa tsalle, yatsa ya danna abin da ba a nufa ba.

Ga mai dawowa gobe, a sa sabar ta aika hotuna da `Cache-Control: public, max-age=31536000, immutable`. Wayarsa za ta iya riƙe su har shekara. Sharaɗin shi ne in ka canza hoto ka canza sunan fayil ɗin, in ba haka ba tsohon hoton ne zai ci gaba da gani.

Yanzu abin da ya fi damuna, masu cewa za su "gyara maka saurin shafi". An taɓa miƙa mini aikin da aka biya kuɗi mai kauri, kowane hoto yana ƙarewa da `.webp`, amma nauyin bai ragu ko kaɗan ba. Suna kawai aka canza, cikinsa JPEG ne, burauza kuma ta buɗe shi ba ta ce komai ba. Umarnin `file atamfa.webp` yana tona wannan asirin nan take: na gaske zai nuna `Web/P image`, na bogi kuma `JPEG image data`.

Wasu kuma filogin na sata suke sa maka, wanda aka fasa lasisinsa. Irinsa ba ya samun sabuntawa, sau da yawa ma an cusa masa tallace-tallace ko ƙofar da ɓarawo zai shigo. Kana neman ragin nauyi, sai ka samu ƙari. Akwai kuma masu buɗe maka shafin a kwamfutarsu ka ga ya buɗe kamar walƙiya, alhali hotunan sun daɗe a ajiye a burauzarsu.

Kada ka biya sai an auna a gabanka. A buɗe shafin a Chrome na kwamfuta, a danna F12, a shiga `Network`, a sa alama a `Disable cache`, a sake loda shafin. Adadin da ke ƙasa kusa da `transferred` shi ne abin da baƙo zai biya. Ka rubuta shi kafin a fara aiki, ka sake dubawa bayan an gama, sau ɗaya ba tare da gangarawa ba, sau ɗaya kuma bayan an gangara har ƙarshen shafin.