Takrolimus ko saiklosforin: abin dubawa kafin a sayi maganin riƙe ƙodar da aka dasa

Iyalai da yawa a Gombe da Bauchi sukan tara kuɗin dashen ƙoda da kyar, a je Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara wannan aiki tun 2002, ko Abuja, ko Indiya. Ana dawowa gida kuma sai a tarar da wani kashe kuɗin da ba ya ƙarewa, wato magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar. Yawanci guda uku ake haɗawa: firednisolon, da maikofenolet, da ɗaya daga cikin takrolimus ko saiklosforin. Na ukun nan shi ne ginshiƙi, kuma shi ya fi bukatar lura, domin maganin da ke tsare ƙodar daga garkuwar jiki shi ne kuma yake iya cutar da ita. Likitan ƙoda ne ke yanke wanda za a sha, amma mai saye shi ke tsayawa gaban kanta, kuma a nan ake yawan yin ɓarna.

Magungunan biyu hanya ɗaya suke bi. A cikin jini akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T. Idan ɗayansu ta gane cewa ga naman da ba na jikin ba, sinadarin kalsiyam yakan ƙaru a cikinta, ya tayar da wani furotin mai suna kalsinurin. Shi kuma kalsinurin sai ya saki wani furotin, NFAT, ya shiga tsakiyar ƙwayar ya sa a fara ƙera IL-2, wanda shi ne saƙon da ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa su far wa ƙodar. Takrolimus da saiklosforin kowanne yakan fara manne wa wani ƙaramin furotin nasa a cikin ƙwayar, sannan maganin da furotin ɗin su haɗu su toshe kalsinurin. Saƙon bai fita ba, ƙwayoyin ba su yawaita ba, ƙodar ta zauna lafiya. Saiklosforin ne babba a shekaru, an amince da shi a Amurka a 1983, kuma shi ya mayar da dashen gaɓoɓi aikin da ake sa ran nasararsa. Takrolimus daga wata ƙwayar halitta da aka samo a ƙasar Japan a 1984 ya fito, aka amince da shi a Amurka a 1994.

Matsalar ita ce ba a ƙwayoyin garkuwa kaɗai maganin yake aiki ba. Kowace matatar da ke cikin ƙoda tana da ɗan siririn jijiyar da ke kawo mata jini, kuma waɗannan magunguna suna matse wannan jijiya, kamar yadda ruwa ke raguwa idan an taka tiyo. Jini ya ragu, tacewa ta ragu, sai kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau a gwajin jini. Wannan illar ta farko tana tafiya da yawan maganin a jini, kuma idan aka rage shi da wuri ƙodar takan dawo yadda take cikin 'yan kwanaki. Ta biyun ce mai nauyi. Idan matsin ya ɗauki shekaru, bangon jijiyoyin yakan yi kauri, naman ƙodar ya riƙa zama tabo layi-layi, kuma tabo ba ya komawa nama. Ba sabuwar ƙoda kaɗai abin ke shafa ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashen wata gaɓa daban, kamar hanta ko zuciya, sun kamu da ciwon ƙoda mai tsanani daga baya, kuma waɗannan magunguna na cikin manyan dalilan.

To, tsakanin biyun wanne? A wajen ƙoda kada wanda ya ce maka ɗaya ba ya cutarwa. Duka suna yi. Amma takrolimus ya fi hana jiki ƙin ƙodar, shi ya sa mafi yawan cibiyoyin dashe suke farawa da shi, kuma a ganina idan babu wani dalili na musamman shi ne zaɓin farko. Aibinsa shi ne ya fi jawo ciwon suga bayan dashe, ga rawar hannu, da rashin barci, wani lokaci da zubewar gashi. Saiklosforin ya fi sauƙi a wajen suga, amma ya fi tayar da hawan jini da kitsen jini, yana kumbura dasashi, yana kuma fito da gashi a fuska, abin da ke sa wasu mata su daina sha a ɓoye ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Wanda sugansa ya ƙi daidaita a kan takrolimus, likita na iya mayar da shi kan saiklosforin. Kada kuma adadin miligiram ya ruɗe ka: takrolimus 'yan miligiram ake sha, saiklosforin kuwa da ɗaruruwa ake lissafa shi a yini, don haka farashin maganin wata guda za ka kwatanta, ba na kwali ɗaya ba.

Akwai wasu da ba sa taɓa kalsinurin. Sirolimus ba ya matse jijiyar, amma yana jinkirta warkewar rauni, yana kawo gyambon baki da fitar furotin a fitsari, shi ya sa ba a cika farawa da shi daf da tiyata ba. Belatasef kuwa ƙarin ruwa ake yi duk wata a asibiti, ba kowa ya dace da shi ba, kuma ga tsada. Ga mazaunin Kumo ko Azare, zaɓin gaskiya yana tsakanin biyun farko ne.

Inda mai saye ya fi bukatar buɗe ido shi ne a cikin takrolimus ɗin kansa. Akwai wanda ake sha sau biyu a yini, awa 12 tsakani, irin su Prograf da makamantansa na wasu kamfanoni, akwai kuma mai narkewa a hankali da ake sha sau ɗaya da safe, irin su Advagraf. Dukansu za ka ga an rubuta miligiram 1 a jiki, amma ba a musanya su kai tsaye. Haka saiklosforin: Neoral da tsohon Sandimmune ba daidai hanji ke tsotse su ba. Maganin kamfani mai araha ba laifi ba ne idan yana da rajistar NAFDAC kuma daga amintaccen kantin magani ya fito. Laifin shi ne sauye-sauye, wannan watan na wannan kamfani, wata mai zuwa na wancan, saboda shi aka samu. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kare ƙoda da wanda ke cutar da ita ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Gara ka zaɓi samfurin da aljihunka zai iya ɗauka kuma ake samunsa ba yankewa, ka tsaya a kansa, ka riƙa sayen na gaba tun da sauran na makonni a hannu. Idan sauyin ya zama dole, a sanar da likita, a auna maganin a jini bayan kamar mako guda.

Wannan awon ka sa shi cikin lissafin kuɗin maganin tun farko. Da safe ake ɗibar jinin kafin a sha na safe, wato awa 12 bayan shan na dare ga mai sha sau biyu a yini. Wanda ya haɗiye ƙwayar sannan ya je ɗakin gwaji zai samu lamba mai yawa ta ƙarya, a rage masa magani ba gaira ba dalili. Bayan watannin farko, cibiyoyi da yawa sukan nemi takrolimus ya tsaya tsakanin 5 zuwa 10 ng/mL, ko da yake kowane mara lafiya da iyakar da likitansa ya sa masa. Kafin ka tsayar da zaɓi, tambayi asibitin da kake zuwa, ko na koyarwa na tarayya da ke Gombe ne ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, inda suke auna wannan magani da kwana nawa sakamako ke ɗauka. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin baƙar fata suna da sinadarin CYP3A5 mai aiki a hanta da hanji, wanda ke saurin narkar da takrolimus, don haka sau da yawa mukan bukaci adadi mai yawa fiye da Bature kafin a kai lamba ɗaya. Wannan na nufin ƙarin ƙwayoyi da ƙarin kuɗi a wata, kuma shi ya sa ba a aron adadin wani.

A ɗauki misali da magidanci a Gombe, wata takwas da dashe, yana shan takrolimus miligiram 4 da safe, 4 da dare. Kiriyatinin ɗinsa ya tsaya a 120, maganin a jini yana 7. A tsakiyar zafin Afrilu gudawa ta kama shi, ga ciwon jiki da tari. Ya aika yaro kemis, aka haɗo masa eritromaisin na kashe ƙwayoyin cuta da diklofenak na ciwon jiki. Bayan kwana biyar hannunsa na rawa, kai na ciwo, fitsari ya ragu. Aka auna, kiriyatinin 180, fotasiyam ya hau, takrolimus ya kai 16, alhali bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Abubuwa ne suka taru. Gudawa kanta tana ƙara yawan takrolimus da ke shiga jini, domin bangon hanjin da ke narkar da wani sashensa ya raunana. Mutane kan ɗauka maganin fita yake yi da gudawar, har wasu su ƙara sha, alhali akasin haka ne. Eritromaisin ya tare sinadarin hanta da ke narkar da maganin, sai ya taru. Diklofenak ya ƙara matse jijiyar da dama a matse take. Rashin ruwa a jiki ya cika sauran. Abin da likita zai yi shi ne ya tsayar da magungunan kemis ɗin, ya ƙara masa ruwa, ya rage takrolimus na ɗan lokaci, ya sake awo bayan 'yan kwanaki. Idan guba ce kawai, kiriyatinin zai bi maganin ya sauko. Sannan in gudawar ta tsaya dole a sake dubawa, don kada adadin da aka rage ya zama ya yi kaɗan.

Da a ce sakamakon ya nuna kiriyatinin 180 amma takrolimus yana 3, da labarin ya juya: nan tsoron shi ne jiki ya fara ƙin ƙodar, kuma rage magani a irin wannan hali ƙara wuta ne. Haka kan faru ga wanda ya yi tsallaken sha don maganin ya kai ƙarshen wata, ko wanda aka ɗora a kan rifamfisin na tarin fuka ko kabamazefin na farfaɗiya, domin waɗannan suna sa hanta ta kwashe takrolimus da sauri. A jiki alamun biyun suna kama da juna, wani lokaci ma babu alama ko kaɗan. Idan awon jini bai raba gardama ba, sai an ɗebo ɗan tsokar ƙodar da allura an duba.

Fulukonazol, ketokonazol da kilaritromaisin duk suna tara maganin kamar eritromaisin. Ibufurofen ɗan'uwan diklofenak ne. Ga ciwon jiki farasitamol ya fi aminci. Jiƙo da sassaƙe ba wanda ya san abin da za su yi wa lambar, a bar su. Mai son yin azumin Ramadan ya je wurin likita tun a Sha'aban, saboda tazarar awa 12 da ƙishirwar yini duka suna taɓa wannan lissafi. A kanti kuma a duba ranar lalacewa, a tabbata ƙwayoyin suna cikin rufaffiyar takardarsu ta gwangwani, kada a karɓi waɗanda aka ɓare aka ƙulla a leda, a gida kuma a ajiye su a busasshen wuri mai sanyi, ba cikin mota ko kusa da taga ba.