Littafin rajista ko Excel: wanne ya fi riƙe lissafin tukwanen kashe gobara?

"Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani bene a wajen Ƙofar Kaura, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ga ɗakin janareta a baya. Tukwanen kashe gobara 14 gare mu, amma ba mu san wacce aka cika yaushe ba. In sayi littafi in riƙa rubutawa, ko in sa yarona ya yi mini a Excel?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi littafi ko ka kira yaron, nemi fenti ko maka mai kauri ka ba kowace tukunya lamba a jikinta, T1 har T14. Sannan ka ba kowane wurin rataya tasa lambar a bango, misali K3 ga rataya ta uku a ƙasa, S2 ga ta biyu a sama. Dalili shi ne ranar da mai cikawa ya kwashi shida ya dawo da su, yara za su rataya kowace inda hannunsu ya kai. Ranar cikawa ta tukunya ce, tana binta duk inda ta je. Irin da ya kamata a samu a wuri kuwa na bangon ne. Idan rajistarka "ta bakin matakala" kawai ta sani, zuwa cikawa ɗaya ya isa ya ɓata ta, a takarda take ko a kwamfuta.

Abin da za a rubuta iri ɗaya ne a duka biyun: lambar tukunya, irinta, girmanta, lambar bango, ranar dubawa ta ƙarshe, ranar cikawa ta ƙarshe, da ranar da za a sake kai ta. Wajen iri kar ka rubuta "ja", don kusan duk ja ne. Karanta jikinta. A tsarin Birtaniya da yawancin na kasuwarmu ke bi, shuɗin tambari na mai hoda ne, baƙi na mai iskar CO2, ruwan madara na mai kumfa, ja zalla na mai ruwa. Mai ruwa da mai kumfa ba a rataya su kusa da allon wuta ko mita. Can mai CO2 ko mai hoda ake so.

Ƙarfin littafi yana wajen duban wata-wata. Mai gadi zai ɗauke shi ya zaga ginin, ya tsaya gaban kowace tukunya, ya ga allurar agogonta tana kan kore, fil ɗinta da robar da ta ɗaure shi suna nan, ba a jibge kwalaye a gabanta ba, sannan ya sa hannu. Ya leƙa bakin mesar ma, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, ƙurar hunturu kuma tana taruwa. Littafi ba ya jiran caji ko data, kuma ranar da 'yan kwana-kwana suka zo duba gini, sa hannu na wata goma sha biyu a jere abu ne da za ka buɗe ka nuna. Excel bai kai shi a nan ba, domin mutum na iya zama a ofis ya canza ranar dubawa ta tukunya 14 cikin minti ɗaya ba tare da ya taka matakala ba, sabuwar rana kuma ta goge tsohuwa.

Inda littafi ke kasawa shi ne ranar cikawa, domin ba ya tuna maka komai sai ka buɗe shi. Da duk tukwanenka rana ɗaya ake cika su, da ba matsala. Amma ba haka abin ke tafiya ba. A ce an cika duka a watan Janairu 2025. A watan Afrilu wayar janareta ta yi tartsatsi, aka ɗan fesa T9, mai hoda kilo 9. Ko daƙiƙa biyu aka matsa ta, dole a kai ta cikawa, saboda hoda na maƙalewa a bawul, iskar ta riƙa zurarewa a hankali har allura ta faɗi. Yanzu T9 ta bar layin sauran. A watan Yuli kuma aka sayo sababbi biyu. Cikin shekara guda kana da ranaku uku daban a shafuka daban, kuma wadda ta bar layi ita ake mantawa.

Wannan aikin Excel ke yi da kyau. Idan ranar cikawa tana layin F, sai a sa wannan a G2 ya ƙara wata 12, a ja shi har ƙasa:

```
=EDATE(F2,12)
```

A H2 kuma a sa wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=IF(G2<TODAY(),"YA WUCE",IF(G2-TODAY()<=30,"YA KUSA","LAFIYA"))
```

Duk ranar da ka buɗe, za ka ga waɗanda saura musu kwana 30 ko ƙasa da haka. Google Sheets ma na karɓar su a waya. Sai dai ka ja kunnen yaron kan rubuta rana. Kwamfuta da yawa an saita su da tsarin Amurka, wata kafin rana, sai ka rubuta 03/04/2025 kana nufin 3 ga Afrilu, ita ta ɗauka 4 ga Maris. Gwajin mai sauƙi ne: ya rubuta 25/04/2025. Idan ya manne a gefen hagu na akwatin, kwamfutar ba ta gane shi a matsayin rana ba, kuma lissafin ba zai fito ba. Ya saita layin F da G su riƙa nuna rana da sunan wata da haruffa, don ido ya kama kuskure.

Wata 12 ɗin nan na zuwan ma'aikaci ne ya yi mata cikakken bincike. Masu cikawa a nan sukan manna sitika ta shekara guda, to ita za ka bi. A ƙa'idar Birtaniya ta BS 5306, mai hoda da mai ruwa da mai kumfa ana juye su gaba ɗaya a sake cikawa duk shekara 5, mai CO2 kuma ana gwada ƙarfin ƙarfenta duk shekara 10, don haka ka ƙara gurbi ɗaya na shekarar da aka ƙera tukunya.

Akwai wuri guda da littafi da Excel duk za su iya nuna maka lafiya alhali ba lafiya, wato mai CO2. Ba ta da agogo, don haka mai gadi zai duba ya ga fil yana nan, ya rubuta lafiya, ko da rabi ta zurare. Sikeli kaɗai ke faɗin gaskiyarta. Ranar da aka dawo da ita daga cikawa, ɗora ta a sikeli ka rubuta nauyin. A ce T4 mai kilo 5 ta nuna 14.2 a cike. Bayan wata shida ta nuna 13.5, wato ta rasa 0.7. Iyakar da aka yarda ita ce kashi 10 cikin 100 na iskar da ke ciki, wato rabin kilo ga mai kilo 5. T4 ta wuce iyaka, sai a kai ta ko da sitikarta na cewa saura wata shida. Ba tare da gurbin nauyi a rajista ba, babu abin da za ka kwatanta da shi.

Ga gininka, Malam, ni littafi zan fara saya, mai kaurin bango, kowace tukunya da shafinta, a ajiye shi a ɗakin mai gadi. Excel ɗin ya riƙe ranakun cikawa da nauyi kawai, kai ka buɗe shi ranar ɗaya ga wata. Idan kuwa yaron zai koma makaranta babu mai buɗe fayil ɗin, bar shi, ka ware shafi 12 a ƙarshen littafin, kowane wata da nasa, ka rubuta lambar kowace tukunya a watan da ke kafin watan da za a sake cika ta. In lokacin kaiwa ya yi, a kai rabi a bar rabi, kuma ɗakin janareta kar ya kwana babu tukunya.